Kuɗin haya ya taso, kuma ke ce mai shi a hannu

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, musamman mu da muke zaman aure a Legas.

Kwanaki bayan an tashi daga Islamiyya a Agege, wata ƙanwata a addini ta tsaya har kowa ya watse, sannan ta ce, "Malama, ina da magana." Tana sayar da atamfa da leshi ta waya, Allah Ya sa wa kasuwar albarka. Maigidanta ɗan acaɓa ne a da. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a Ikeja da Apapa da Surulere da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, hanyar da ya saba samu ta toshe, ya koma Mile 12 yana taimaka wa wani dillalin tumatir. Abin da yake kawowa a wata bai kai rabin nata ba. Ga mai gidan haya ya aiko cewa shekara ta cika, naira dubu 600 yake jira. Maigidan ya tara dubu 250, ya yi shiru, ya daina cin abincin kirki, sai ya kai sha ɗaya na dare a waje. Ita kuwa cikon yana asusunta, amma tsoron buɗe baki take, domin bara da ta biya, kwana uku bai yi mata magana ba.

Na tambaye ta yadda ta biya baran. Ta ce ta tura wa mai gidan kai tsaye ta waya. Washegari mutumin ya tare mijin a bakin ƙofa, a gaban maƙwabta, ya ce madam ta biya, an gode. Kun ga inda aka samu rauni. Niyyarta alheri ce, amma a gidan haya na Legas, inda ɗaki ke kallon ɗaki kuma famfo ɗaya ake layi, ta sa mijinta ya ji labarin gidansa daga bakin bare.

Mu fara gyara fahimta. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna wuyan miji ko da matar ta fi shi dukiya, kuma abin da ta samu nata ne. Amma Allah bai ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. A Suratu Ɗalaƙ aya ta 7 an ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Mutumin da ya fita tun asuba ya dawo da abin da ya samu bai gaza ba a wurin Allah. Idan ke a zuciyarki kin riga kin yanke cewa ya gaza, ko da zuma kika shafa wa harshe zai ji ɗacin.

Wannan ba sabon al'amari ba ne. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da su, mai sana'ar hannu ce, ita ke ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta. Da Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da mata yin sadaka, sai ta fara zuwa wurin mijin, ta ce ya tambayo mata ko abin da take kashewa a kansu zai isar mata. Ya ce ta je da kanta. Ta je ta aika Bilal, har ta roƙe shi kada ya faɗi ko su waye. Amsa ta zo cewa lada biyu gare ta, ladan zumunta da ladan sadaka. Ku dubi tsarin baiwar Allah nan: da mijinta ta fara magana, kuma ta nemi a sakaya suna. Shi kuma babban sahabi ne, malamin Alƙur'ani, dukiyar matarsa ba ta rage masa daraja ba.

Abin da na ce wa ƙanwata shi ne, kafin ta buɗe baki ta yanke wa kanta hukunci a kan dubu 350 ɗin nan: kyauta ce ko rance. A nan yawancinmu muke faɗuwa. Mace za ta miƙa kuɗi ta ce "ba komai", alhali a ranta tana lissafi. Shi ya ɗauka kyauta ce, ita tana jiran ya mayar. Bayan wata shida a yi saɓani a kan kuɗin gas, sai ka ji "ni da nake biyan hayar gidan nan". Da wannan kalma ɗaya ta ƙone ladan, domin Allah Ya ce a Baƙara aya ta 264 kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa. Idan kin san zuciyarki ba za ta saki ba, ko kuɗin jarinki ne da za ki saro kaya, to ki kira shi rance, babu laifi ko kaɗan. Ku rubuta adadi da lokacin biya kamar yadda aya ta 282 ta koyar. Maza da yawa ma sun fi samun natsuwa da rance, domin wanda ya ci bashi ya biya yana nan da mutuncinsa. In lokacin ya zo bai samu ba, aya ta 280 ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci.

Sai lokaci da wuri. Kada ki tare shi yana shigowa daga cunkoson Ketu, gumi bai bushe ba. Ki bari ya yi wanka ya ci, yara sun kwanta, a rufe ƙofa, a sassauta murya, kun san bangon gidajenmu ba ya riƙe sirri. Kuma ki fara da abin da ya kawo. Na ce ta gwada cewa, "Baban Ummi, na san ka yi ƙoƙari a kan hayar nan. Akwai abin da Allah Ya hore a wurina, ina so mu haɗa da naka. Ka fi son in ba ka rance, ko ka karɓa kyauta don Allah?" Tambayar ƙarshen nan ita ce ke mayar masa da ragama. Sannan kuɗin ya bi ta hannunsa, shi zai kai wa mai gidan, rasit ya fito da sunansa. Hajiyarki ba sai ta ji ba, balle ƙawaye.

Wata za ta ce, ai sai ya miƙe ƙafa. Gaskiya ne, akwai irinsu, kuma ana gane su. Wanda kunya ke damunsa yakan yi shiru, ya ƙara fita nema, ya kawo ɗan abin da ya samu. Wanda ya mayar da ke saniyar tatsa kuwa, sai ya fara tambayar nawa ya shigo yau, ya daina cefane gaba ɗaya, ya nemi lambar sirrin katinki. Wannan lallashi ba ya yi masa magani, sai a sa waliyyi ko limamin unguwa a zauna, domin dukiyar musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Ku ma maza da kuke karantawa, ku ji tsoron Allah: in ta taimaka ku ce an gode, Allah Ya saka. Fushin kwana uku a kan wadda ta rufa maka asiri zalunci ne.

Bayan mako biyu ta same ni a bakin masallaci. Ta ce da ta yi masa tambayar ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce rance yake so, zai riƙa ba ta dubu 30 duk ƙarshen wata. Shi ya yago takarda daga littafin makarantar Ummi ya rubuta da hannunsa, ya ce ta ajiye a cikin akwatin atamfofinta.