Hoton da ya taimaka jiya shi ne ke cutarwa yau

Lokacin da aka sace 'yan matan Chibok su 276 a watan Afrilun 2014, akwai manyan mutane a ƙasar nan da suka dinga cewa wai ƙarya ce, siyasa ce kawai. Abin da ya rufe musu baki bidiyon nan ne da Boko Haram ta saki a watan Mayu, yara sun zazzauna a ƙasa cikin hijabi, iyaye suka zura wa allo ido suna nuna tasu da yatsa, ga 'yata can. A nan kam ban ga laifin wanda ya nuna fuska ba, don in da an ɓoye da maganar ta bi ruwa. Duk da haka fa shaharar nan ita ta ƙara musu tsada a hannun waɗanda suka riƙe su.

Inda nake da ja da abokan aikina 'yan jarida shi ne nuna fuskar yaran bayan an sako su. Ku tuna 'yan matan Jangebe a watan Maris na 2021, an kwaso su daga daji ƙafa duk ta kumbura, ko iyayensu ba su gani ba sai gidan gwamnati a Gusau, kyamara ta ko'ina. To me jama'a suka ƙaru da shi? An sako su, adadinsu kaza, an biya kuɗin fansa ko ba a biya ba, wa ya yi sakaci a makarantar, wannan shi ne haƙƙin jama'a su sani. Fuskar yarinya 'yar shekara 13 ba ta ciki.

Kuma ba wai babu ƙa'ida ba ne. Kundin ɗa'ar aikin jarida da aka amince da shi a Ilorin a 1998 ya hana bayyana suna ko hoton yaro ɗan ƙasa da shekara 16 da wani laifi ya rutsa da shi, har hira da shi ma ya hana. Amma wa ke dubawa in edita na kira yana cewa ina bidiyo?

Wani zai ce ai yarinyar ta yarda a ɗauke ta. Haba malam, yarinyar da soja ke tsaye a kanta ga jami'i ya ce yi magana, ta ina za ta ce a'a? Wani kuma ya rufe fuska ya sauya suna, sai ya faɗi ƙauyensu, ya ce babanta mahauci ne kusa da masallacin Juma'a, wallahi kafin la'asar kowa ya gane ta. Mu mun koma ofis mun wuce labari na gaba, ita ce za ta je rijiya ana zunɗenta, a arewa maso gabas har "matar Boko Haram" ake kiran irinsu, ranar da aka zo neman aurenta kuma wani ya zaro waya ya nuna wa dangin miji.