Gyara saƙon, ka bar wa Inna mutuncinta

A azumin 2020, 15 ga Ramadan ta faɗo ranar Juma'a, sai tsohon saƙon nan ya sake bazuwa a wayoyinmu a nan Agege: wai Annabi (SAW) ya ce a irin wannan ranar za a ji wata ƙara daga sama, kowa ya shige ɗaki, ya kulle ƙofa, ya toshe kunne. Inna, ƙanwar mahaifiyata, ce ta tura mana shi a zauren WhatsApp na dangi. Tsoro ne ya sa ta, tana so 'ya'yanta su tsira.

Wani matashi ya yi bidiyon raddi. Maganarsa gaskiya ce, amma ya ɗora hoton saƙon da sunan Inna da lambarta a fili, ya kuma karanto hadisin wanda ya yi wa Annabi (SAW) ƙarya ya tanadi mazauninsa a wuta. Hadisin ya ce "da gangan". Inna ba ta ƙirƙiri komai ba, samu ta yi ta miƙa. A daren ta fice daga zauren, kuma har yau ba ta ƙara tambayar kowa a cikinmu wata mas'ala ba. Wannan ne ke ci min rai.

Da ni ne mai bidiyon, minti ɗaya da rabi ya ishe ni. Zan buɗe da hukuncin kai tsaye: wannan ruwaya ba ta tabbata daga Annabi (SAW) ba. Idan ka fara da karanto saƙon kaf, wanda ya wuce bayan daƙiƙa 10 ƙaryar kaɗai ya kwasa. Sai in nuna shafin littafi ido ya gani: Ibnul Jauzi ya kawo ta a Al-Maudu'at, littafin da ya tara hadisan ƙarya, Albani ma ya ce ƙirƙirarriya ce. In ƙara da hujjar da mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 zai kama nan take: sau nawa tsakiyar azumi ta dace da Juma'a, ba a ji komai ba?

Suna da lamba da hoton kowa a goge su tas. A ce "saƙon da ke yawo, ni ma ya iso wayata". Idan Annabi (SAW) zai yi gyara a kan mumbari, cewa yake "me ya sami wasu mutane", ba ya kama suna.

Kafin a saki, a kai wa malamin da ya san hadisi ya saurara. "Mai rauni" daban, "na ƙarya" daban, abin da malamai suka yi saɓani a kai kuma ba ka da hurumin kiransa ƙarya a minti ɗaya.

Ita kuwa Inna, kiranta ya kamata a fara yi: "Inna, na tambayi malam kan saƙon nan, ga abin da ya ce." Na san halinta, da bakinta za ta koma zauren ta ce a daina turawa.