Yawan layukan Zoom ba shi ne yawan mahalarta ba

"A taronmu mutum 80 suka zo zaure, rahoton Zoom kuma ya nuna 150, ashe ke nan mun samu mahalarta 230?"

Ba lalle ba ne, domin rahoton yana rubuta kowace shigowa ne a layi dabam, saboda haka wanda intanet ta yanke masa sau uku, yana komawa, zai fito sau huɗu. Haka kuma wasu na zaune a zauren sun buɗe taron a wayarsu domin su ga rubutun allo da kyau, kuma sun riga sun sa hannu a rajistar bakin ƙofa.

Gyaran shi ne a wajabta rajista da adireshin imel kafin taro, sannan a haɗe layukan da ke da adireshi ɗaya, a tara mintocinsu. Idan layuka 150 suka koma adireshi 95, aka cire 15 da ke cikin rajistar zaure, saura 80. Tun farko a sanar da mafi ƙarancin lokacin zama, misali minti 60 cikin 90; idan 20 daga cikin na Zoom ba su kai ba, saura 60, a haɗa da 80 na zaure, jimillar ta zama 140.

Mintoci ma ba su tabbatar da cewa mutum yana sauraro, shi ya sa masu ba da takardar shaida ke jefa gajeriyar tambaya a tsakiyar zama ba tare da sanarwa ba.