Kafin ka fara biyan Google kuɗin wata, duba abin da ya cinye giga 15 ɗinka

Bayan kowace salla, masu gyaran waya a Damagaram suna karɓar irin koke guda: waya tana nuna cewa wurin ajiya ya cika, wasiƙun Gmail sun daina shigowa, ga kuma wani maɓalli da ke kira a danna a sayi ƙarin wuri. Wasu suna dannawa don su huta. Wasu kuma suna goge hotuna cikin fushi, har da waɗanda ba za su sake samu ba. A ganina duka biyun gaggawa ce. Yawancinmu ba mu bukatar biya, amma akwai waɗanda ƙin biyan zai cuta, kuma lissafi ne kawai ke raba su.

Google yana ba kowane asusu giga 15 kyauta, kuma Gmail, Drive da Google Photos ne ke raba su. A da hotuna ba sa cin komai a ciki idan an yarda a rage nauyinsu, amma daga 1 ga Yunin 2021 aka soke wannan rangwame. A 2024 kuma ajiyar hirarrakin WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga cikin lissafin. Shi ya sa mutumin da ya yi shekaru bai taɓa ganin gargaɗi ba yanzu yake ganinsa kullum. Idan wurin ya cika, wasiƙa ba ta shiga ba ta fita. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke jiran amsar neman gurbin karatu zai iya rasa ta saboda bidiyon hawan salla, alhali bai san akwai alaƙa ba.

Matakin farko shi ne buɗe one.google.com/storage. Shafin zai nuna giga nawa kowane ɓangare ya ci. A ɗauka tela ce a unguwar Zango, mai ɗaukar hoton kowane ɗinki ta aika wa masu oda. Ta buɗe ta tarar WhatsApp ya ci giga 6, Google Photos giga 8, Gmail da Drive giga 1. Ita a zatonta hotunan ɗinki ne suka cika mata wuri. Amma hoton waya ɗaya bai fi mega 3 ba a galibi, wato giga 15 za su ɗauki wajen hotuna 5,000. Bidiyon minti ɗaya mai kyan gani kuwa yana cin mega 100 ko fiye, daidai da hotuna sama da 30. Da ta duba giga 8 ɗin nan, 5 daga ciki bidiyon biki da suna ne, wajen 2 kuma hotunan "barka da Juma'a" da ake turowa a zaurukan dangi, waɗanda wayar ke kwashewa tana lodawa don an kunna mata jakar WhatsApp Images ba da sani ba.

Gyaran ba shi da wuya. A cikin WhatsApp ta shiga Paramètres, Discussions, Sauvegarde des discussions, ta kashe Inclure les vidéos, da sanin cewa in ta sake waya waɗannan bidiyon ba za su dawo ba. A Google Photos ta kashe ajiyar jakunkunan WhatsApp, ta mayar da ingancin ajiya zuwa Économiseur d'espace de stockage, wanda ke matse hoto ba tare da idon mai kallo a waya ya ga bambanci ba. Bidiyon bikin kuma ta fara kwafe su a kwamfuta ko kile, ta buɗe ta tabbatar suna tafiya, sannan ta goge.

Nan ne mutane ke ƙonewa, don haka a kula. Goge hoto daga cikin Google Photos yana goge shi a waya da kuma a ajiyar Google gaba ɗaya. Maɓallin Libérer de l'espace kuwa wayar kawai yake sauƙaƙa wa: yana cire kwafin da ke hannunka ya bar na Google. Wanda asusunsa ya cika, idan ya danna shi, giga 15 ɗinsa suna nan a cike, kuma hotunansa yanzu wuri ɗaya tak suke.

Idan telar nan ta samu giga 9 bayan shara, sai ta tambayi kanta nawa take ƙarawa a wata. Hotuna biyar a rana mega 450 ne a wata, giga 5 da rabi a shekara. Tana da sama da shekara ɗaya da rabi kafin maganar ta sake tasowa, ko fiye idan ana matse hotunan. Biyan kuɗi a wajenta asara ce.

Mai ɗaukar hoton biki don sana'a labarinsa daban. Hotuna 300 masu mega 5 da bidiyon minti 20 sun kai giga 3 da rabi a biki ɗaya. Biki huɗu sun kusa cinye masa kyautar. Kuma amarya tana iya dawowa bayan wata shida ta ce wayarta ta faɗa ruwa, a sake ba ta hotunanta. Shi kam ya biya. Tsarin Google One mai giga 100 dalar Amurka 1.99 ne a wata a farashin Amurka, wato jaka ɗaya da 'yan kai a kuɗinmu, kuma ana iya raba shi da mutum biyar na gida, kowa da hotunansa a rufe.

Na san abin da za a ce mini: jaka ɗaya a wata ai ba ta kai kuɗin shayi ba, kati memori yana mutuwa cikin zafin nan, waya ana sacewa, me ya sa ba za a biya a kwanta da kwanciyar hankali ba? Maganar tana da nauyi, kuma ni ma ba zan taɓa ba wani shawarar ya ajiye hoton mahaifiyarsa da ta rasu a kati ɗaya kaɗai ba. Amma wannan biya hayar shago ce, duk wata sai an kawo. Mutumin da ya loda giga 60 sannan katin bankinsa ya ƙare, ko abokin da ya ara masa kati ya yi tafiya, zai koma kan giga 15 da kaya ninki huɗu a kansa. Gmail zai tsaya har sai ya biya ko ya kwashe giga 45, kuma ƙa'idar Google ta ce wanda ya zauna sama da iyakarsa shekara biyu ana iya goge masa kaya. Kwashewar ma ba kyauta ba ce. Kowace giga da ta hau da forfe ta hau, da shi kuma za ta sauko, ga rezo da ke zuwa yana tafiya. Wanda ba shi da katin Visa ko Mastercard na kansa, mai kuɗi a ciki kowane wata, ina roƙonsa kada ya shiga.

Dabarar buɗe asusu na biyu da na uku don a samu wasu giga 15 ita ma tana damuna. Yaron da ya buɗe maka shi a bakin Kasuwar Dole ne ya zaɓi lambar sirri, lambar wayar da aka sa kuma ta wani sim ce da ka daina amfani da shi. Google kuma yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba. In dai za a yi, a rubuta adireshin da lambar sirrin a takarda, a riƙa shiga lokaci zuwa lokaci.

Masu iPhone nasu ya fi matsi, domin iCloud giga 5 kawai yake bayarwa kyauta, shi ya sa gargaɗin ke riskarsu da wuri. Lissafin dai ɗaya ne. Ka yi sharar yau, ka rubuta adadin da shafin ya nuna, ka sake dubawa bayan wata guda. In ƙarin bai kai rabin giga ba, ka zauna a kyauta, ka riƙa kwafe hotunan iyali zuwa kile duk bayan salla. In ya wuce giga 2 kuma aikin da ke ciyar da gidanka ne ya kawo shi, ka sa kuɗin a cikin farashin da kake yanka wa masu biki.