Mai kukan rashin ma'aikata, me ya hana shi ƙara albashi?

Akwai wani kuka da masu kamfanoni ke yawan yi wanda na daina ɗaukarsa yadda ya zo: wai sun buɗe guraben aiki, sun yi cigiya, amma ba a samun ma'aikata. Idan kaya ya yi ƙaranci a kasuwa, tsada yake yi. To me ya sa ma'aikaci zai yi ƙaranci shekara da shekaru, albashinsa kuma yana nan inda yake? Sau da yawa amsar tana cikin abin da masana tattalin arziki ke kira monofsoni, kalmar da masaniyar tattalin arziki 'yar Birtaniya Joan Robinson ta shigo da ita fagen a 1933. Ma'anarta kasuwar da mai saye ɗaya ne, masu sayarwa da yawa. A kasuwar ƙwadago, abin sayarwar shi ne aikin mutum, mai sayen kuma shi ne mai ɗaukar aiki.

A ce akwai kamfani guda a wani yanki, babu wani mai ɗaukar irin wannan aikin a kusa. Kowane ma'aikaci da aka ɗauka yana ƙara wa kamfanin kuɗin shiga 80 a rana. Mutanen yankin kuwa ba ɗaya suke ba. Akwai wanda zai fito aiki ko da 30 za a ba shi, domin ba shi da wata madafa. Na biyu sai an kai 40, na uku 50, na huɗu 60, na biyar 70, na shida 80. Kowa da abin da zai bari kafin ya zo.

Da a ce kamfanoni da yawa ne ke rububin waɗannan mutane, wato cikakkiyar gasa, babu mai iya biyan 50 ya zauna lafiya. Maƙwabcinsa zai ga ma'aikacin da ke kawo 80 ana ba shi 50, ya taya shi 55, wani ya ce 60, a yi ta hawa har albashi ya tsaya a 80. A nan mutum shida ne ke aiki, kowa na karɓar daidai abin da aikinsa ke kawowa.

Mai monofsoni lissafinsa daban ne. Yana da ma'aikata uku a kan 50, yana kashe 150 ke nan a rana. Idan yana son na huɗu, dole ya kai albashi 60. Amma fa ba zai ba sabon zuwa 60 ya bar tsofaffin hannu uku a kan 50 ba, aiki iri ɗaya suke yi, kuma magana ba ta ɓoyuwa a wurin aiki. Sai ya ƙara wa kowa. Huɗu sau 60 ya zama 240. Na huɗun da ake ganin 60 ne ladansa, a aljihun mai kamfani 90 ya ci, alhali 80 kawai zai kawo. Don haka ba za a ɗauke shi ba. Kamfanin zai tsaya a kan mutum uku, albashi 50, ribarsa 90. Da ya ɗauki na huɗu, da ribar ta sauko 80.

Ka ga bambancin: gasa ta ba mutum shida aiki a kan 80, monofsoni ya ba uku a kan 50. Albashi ya ragu, guraben aiki ma sun ragu, kuma ba sai mai kamfanin ya kasance mugu ba. Lissafi ne ya kai shi.

Mutane sun fi lura da asarar waɗanda ke cikin aikin, 30 daga kowanne, jimilla 90 da ta koma hannun kamfani. Wannan kuɗi bai ɓata ba, hannu ya sauya. Ni wadda ta fi damuna ita ce asarar da babu wanda ya ci moriyarta. Na huɗu ya yarda ya yi aiki a kan 60, aikinsa zai kawo 80, amma yana zaune a gida: 20 ta salwanta. Na biyar ma haka, 10 ta tafi. Ba ma'aikaci ya samu ba, ba kamfani ba.

Yanzu a koma ga kukan da na fara da shi. A kan albashin 50, mai kamfanin nan da gaske yake yana son ƙarin hannu. Duk wanda ya zo a kan 50 zai bar masa 30, ina dalilin ƙinsa? Shi ya sa tallar neman ma'aikata ba ta sauka daga ƙofarsa. Abin da ba ya so shi ne ya biya farashin da zai kawo su. Wannan ce alama ta farko: gurbi a buɗe kullum, albashi a daskare. Ta biyu ita ce dabarun da yake bi don ya jawo sabon mutum ba tare da ya taɓa albashin tsofaffi ba, kamar kuɗin maraba da ake biya sau ɗaya, ko dokar hana ma'aikata gaya wa juna abin da suke karɓa. Masu bincike kuwa gwajinsu shi ne su duba mutum nawa ke ajiye aiki idan albashin wuri ya ɗan faɗi ƙasa da na sauran wurare. A cikakkiyar gasa kusan kowa zai watse. Idan kaɗan ne suka tafi, to wuƙa da nama suna hannun mai ɗaukar aiki. Ba sai shi kaɗai ne a yankin ba ma. Nisan tafiya, ɗawainiyar iyali da wahalar neman wani aikin sun isa su ɗaure mutum.

Inda abin ya fi ba da mamaki shi ne batun mafi ƙarancin albashi. A kasuwar gasa, idan hukuma ta ɗora albashi sama da inda kasuwa ta tsaya, ayyuka raguwa suke yi. A misalinmu kuwa, a ce doka ta sa 70. Yanzu na huɗu 70 kawai zai ci wa kamfani, tunda an riga an ƙara wa kowa, kuma zai kawo 80. Za a ɗauke shi, a ɗauki na biyar. Albashi ya hau daga 50 zuwa 70, ma'aikata sun ƙaru daga uku zuwa biyar, ribar kamfani ta sauko 50 amma bai rufe ba. Lokacin da jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashinta daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa a 1992, masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger sun kwatanta gidajen abincinta da na gabashin maƙwabciyarta jihar Pennsylvania, inda ba a yi ƙarin ba, kuma ba su ga raguwar ayyuka a New Jersey ba. An yi ta jayayya a kan alƙalumansu, amma binciken ya sa an dawo da monofsoni teburin muhawara.

Sai dai masu kiran a ƙara albashi su ma kada su ɗauki wannan a matsayin lasisi. Tagar tana da iyaka: daga 50 zuwa 80. A sa 90, kowane ma'aikaci ya zama asara ga kamfani, a misalinmu babu wanda zai rage a bakin aiki. A zahiri ba haka kwatsam abin ke faruwa ba, domin amfanin kowane ƙarin ma'aikaci raguwa yake yi a hankali, sallamar ma a hankali take zuwa. Matsalar hukuma ita ce wannan 80 ɗin ba a rubuce take a ko'ina ba, kuma ta bambanta daga sana'a zuwa sana'a, daga yanki zuwa yanki. Adadi ɗaya da aka sa wa ƙasa baki ɗaya zai iya ƙara ayyuka a inda kamfani guda ya mamaye, ya kuma rage su a inda masu ɗaukar aiki ke da yawa kuma albashi ya riga ya kusanci abin da aikin ke kawowa.