Rawanin da Ya Fi Kai Girma

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma ni ba zagi na zo yi ba, kuma ban kama sunan kowa ba. Labarin raɗa suna ne kawai zan bayar, wanda ya ji ya tsargu sai ya gyara zaman hularsa.

Mu arba'in da uku ne a 'yar ƙungiyarmu ta ɗaliban harshe da adabi a nan Samaru, har da waɗanda ba su biya kuɗin zango ba. Muka ce bana za mu yi rajista yadda ya kamata, mu kuma fara fitar da mujalla sau ɗaya a shekara. Aka kafa kwamitin mutum biyar na neman sunan da ƙungiyar da mujallar za su ɗauka, aka ba ni riƙon biro. Kafin mu yi zama na biyu, wani bawan Allah da ba ya cikin kwamitin ya iso da takarda bugaggiya, har da tambari mai hoton duniya da alƙalami ya soke ta. Ya ce ya hutar da mu. Ga abin da ke jiki: Babbar Ƙungiyar Adabi, Rubutu da Yaɗa Al'adu ta Haziƙan Manazarta na Ƙasa da Ƙasa. Kalma goma sha huɗu, na ƙirga da yatsa. Da ya karanta mana da kansa, sai da ya tsaya ya ja numfashi a wajen "Al'adu".

Ba zan zalunce shi ba, akwai inda ya yi gaskiya. Sunan mujalla yana bin mutum. Ɗalibin da ya buga maƙala yau, gobe zai rubuta sunan mujallar a takardar neman digiri na biyu, kuma wanda zai karanta bai san mu ba. In sunan ya yi kama da na ƙungiyar ajo ko adashi, an cuci yaron. Inda muka rabu da mutumin shi ne inda ake ɗora wannan nauyin.

Sunan mujalla hawa biyu ne. Akwai na sama, gajere, wanda baki ke faɗa, akwai na ƙasa wanda ofis ke karantawa. Ku dubi na magabatanmu. Harshe a nan Zariya, Algaita a Jami'ar Bayero, Ɗunɗaye a ta Usmanu Ɗanfodiyo. Kalma ɗaya ɗaya ce, wadda tsohuwa a ƙauye ta sani, sannan a ƙarƙashinta a rubuta fannin da sashen da ke fitarwa. Na ƙasan shi ne mai ɗaukar kaya: ya gaya maka me ake nazari, su wa ke yi, a ina. Na saman aikinsa ya buɗe ƙofa ya ce sannu da zuwa. Wanda ya cusa aikin biyun cikin layi ɗaya zai samu suna mai nauyin da ba mai iya ɗauka, sai mutane su yanke abin da suka ga dama su kira shi da shi.

Kuma za su yanke, ko ka so ko ka ƙi. Jaridar da aka fara bugawa a garin nan a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, sunanta kalma huɗu ne kacal, Gaskiya Ta Fi Kwabo. Duk da haka baki ya rage ta zuwa Gaskiya, har kamfanin da aka kafa a Tudun Wada a 1945 ya ɗauki sunan, har yau kuma in ka ce wa ɗan acaba Gaskiya za ka, ba zai tambaye ka wace ba. Sa'ar da aka yi ita ce abin da ya rage bayan yankan kalma ce mai kyau. To mai raɗa suna tun farko ya kamata ya tambayi kansa: in an yanke nawa, me zai saura?

Wannan tambayar ce muka yi wa takardar mutumin namu. Wata 'yar aji biyu, mai shiru-shiru, ta ja takardar gabanta, ta cire "Babbar" da jelar da ke baya, ta ɗauki harafin farko na kalmomin tsakiya. Ƙungiyar, Adabi, Rubutu, Yaɗa, Al'adu. Ta rubuta su da jan biro ta turo mini ba ta ce komai ba. ƘARYA. Ɗakin ya yi tsit, sannan wani ya tambaya a hankali, "To mu membobi 'yan me za a riƙa ce mana?" Kowa a Zariya ya san su wa ake kira 'yan ƙarya.

Abin bai tsaya nan ba. Yawancin wayoyin da ke hannunmu, da injin mai buga fosta a bakin geti, da magatakardan da zai shigar da sunan a kwamfuta, ba sa damuwa da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Ƙugiyar nan faɗuwa take yi a hanya. In ta faɗi daga ƘARYA, abin da ya saura mai ƙafa huɗu ne da jela. Saboda haka muka mai da shi ƙa'ida: duk sunan da aka kawo sai an rubuta shi ba ƙugiya, a ga ko ya tsira. Ni kaina na sha ƙasa a nan, don na kawo Baƙi da Wasali ina ji da shi, aka cire ƙugiya ya koma baki da wasali, kamar tallar maganin haƙori. Bambancina da wani shi ne na yi dariya na soke nawa. Ban fita ina cewa hassada ake mini ba.

Sai maganar "Haziƙai". Wannan kalmar ce ta fi ba ni haushi, don ƙofa ce da kwaɗo. Yaron da ya zo aji ɗaya daga Giwa ko Soba, da waƙa ɗaya a bayan littafinsa wadda bai taɓa nuna wa kowa ba, in ya ga an rubuta haziƙai a allo zai tsaya ya auna kansa, ya wuce. Wanda zai shigo da gudu shi ne wanda ya riga ya yanke wa kansa hukuncin haziƙanci, kuma irinsu ɗaya ma ya ishe mu. Yabo ba ya zama a cikin suna. Wasu ne ke ba ka shi bayan sun karanta fitowa ta uku ko ta huɗu.

"Ƙasa da Ƙasa" kuwa da'awa ce da ake iya bincikawa cikin minti ɗaya. Mai dubawa zai buɗe shafin kwamitin tace maƙalu ya ga daga ina mutanen suke. Namu mafi nisa daga Kongo yake zuwa, Kongon da ke nan cikin gari. Malaman da ke zama a kwamitin ƙarin girma sun sha ganin mujallun da ake biya a buga cikin mako ɗaya, kuma irin waɗannan su suka fi kowa son manyan kalmomin nan. Wato kalmar da aka sa don ta jawo girma ita ce za ta sa a ɗaga gira.

Bayan nan aka shiga tankaɗe na gaske, kuma ya fi daɗi. Tsintsiya ta faɗi nan take, haka Lema, don ba ma son a ɗauka reshen jam'iyya muka buɗe. Wani ya ce Mashaya, yana nufin inda ake shan ilimi, aka tuna masa abin da ake sha a mashaya. Kufena ta yi kyau a kunne, dutsenmu ne, amma ɗan Sakkwato da ke cikinmu ya ce in ya gani zai zaci ƙungiyar Zazzagawa ce zalla. Rumfa ma haka, inuwa ce mai karɓar kowa, sai dai kunne na jin ta zai tafi Kano wajen Muhammadu Rumfa. Zaure ya daɗe a kan tebur, ni ma na so shi, don a zaure ake karɓar baƙo kuma a nan malam ke ba da karatu, nauyi da maraba a wuri ɗaya. Matan kwamitin ne suka kashe shi. Ɗaya ta ce, "Ku kuke zama a zaure. Mu wucewa muke yi da sallama, kai a ƙasa." Ba wanda ya iya musa mata.

Abin da ya rage a faifai shi ne Rumbu. Gaɓa biyu, ba ƙugiya, ba wata ma'ana ta biyu da za ta kunyata mu in an karanta da wani karin sauti. Mun sa wata ɗaliba Bayarabiya da wani daga Kafanchan sun faɗa, ba wanda harshensa ya harɗe. Mun gwada shi a jimla: "ina da maƙala a Rumbu", "'yan Rumbu na da zama yau". Ya zauna. Ma'anarsa kuma ita ce abin da muke nufi, wurin ajiyar abin da aka noma da gumi, wanda mai dami ɗaya ma yana da inda zai sa nasa. A ƙasa sai mu rubuta Mujallar Ɗalibai ta Nazarin Harshe, Adabi da Al'ada. Kalmar "ɗalibai" da wani ke gudu kamar ita ce abin kunya, ita ce ta fi kare mu, don ta faɗi matsayinmu ba ƙari.

Ba mu ce an gama ba. Rumbu kalma ce da mutane ke so, don haka an tura mutum biyu Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim su duba ko wata mujalla ta riga mu, wani kuma zai bincika a `portal.issn.org`. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla mai alƙaluma takwas, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa. Tana manne da sunan ne. Ka sauya sunan sauyi mai yawa bayan fitowa biyu, sai ka nemi sabuwar lamba, maƙalun baya su zauna ƙarƙashin tsohon suna kamar marayu. Haka ma rajistar ƙungiya a ofishin harkokin ɗalibai: sunan da ke kan kundin tsarin mulki shi zai hau hatimi da takardar banki.

Ranar Alhamis bayan la'asar za a kaɗa ƙuri'a, sunaye biyu ne a takarda, don mun bar na mutumin ya shiga yadda ya kawo shi, ba mu taɓa ko waƙafi ba. Na ji an ce har ya kai wa mai buga riguna na Sabon Gari kuɗin kafin alƙalami, an buga guda ashirin da gajeren sunan a ƙirji, manyan haruffa, kuma injin mutumin ba shi da ƙugiya.