Ɓarawon Yunit Yana Cikin Gida

Mita ta fara kukan nan nata, ti-ti-ti, Baba ya fito tsakar gida yana huci.

Baba: Yunit 60 a kwana 10! Wallahi maƙwabcin nan ne ya ja mana waya. Tun ranar da ya gaishe ni sau biyu na san da wata a ƙasa.

Inna: Malam, mutumin da ya yi wata uku ba ya gari?

Baba: Ai shi ya sa. Ɓarawon ƙwarai ba ya tsayawa a wurin.

Sai ga Auta ya shigo da wata 'yar na'ura mai fuska kamar agogo.

Auta: Baba, malaminmu na kimiyya ne ya ara mini. A soket ake sa ta, sai a jona kaya a jikinta, ta nuna wat nawa yake ja.

Baba: Ni za a koya wa wuta? Ina biyan kuɗin wuta tun kafin a yi wa uwarka kitson farko. Cajar wayoyinku ce, ba sai an auna ba.

Inna: Ɗazu maƙwabci ne.

Baba: Haɗa baki suka yi.

Auta bai tanka ba. Ya zare duk abin da ke soket, ya kashe ƙwayaye, ya ce a kalli jar fitilar mita. Minti biyar ana kallo, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Auta: Da wani na jan wutarmu, da ta ci gaba da ƙyaftawa.

Baba: Ya ji motsinmu ne ya cire.

Haka dai aka kwana biyu ana awo. Firji sai da ya yini ya kwana da na'urar, don injinsa tashi yake yi yana hutawa, awon minti ɗaya ƙarya zai yi. An ma yi sa'a ranar masu wuta sun manta ba su ɗauke ba, Allah ya ƙara musu mantuwa. Ranar ta uku Auta ya buɗe littafin lissafi.

Auta: Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. A ninka wat da awoyi, a raba da 1,000. Mu kullum yunit 6 muke ci.

Baba: Kuke ci dai.

Auta: Caja huɗu, kowace wat 5, awa 5. In an ninka 100 ke nan, a raba da 1,000, yunit 0.1.

Baba: Ɗaya! Kun ji ko? Ɗaya cur!

Auta: Sifili da ɗigo ɗaya, Baba. Sai sun kwana goma su ci yunit guda.

Baba: Wannan ɗigon kai ka sa shi.

Auta: Ƙwayaye shida, an rubuta wat 10 a jikinsu, awa 5, 0.3. Fanka wat 70, awa 10, 0.7. Talabijin 0.4. Firji 1.5. Duka yunit 3.

Inna: To ina sauran ukun?

Auta: Ɗaki ɗaya ne ban shiga ba.

Aka yi tsit. Baba ya gyara hula, hular da ba ta karkace ba.

Baba: Ɗakina ba komai sai rediyo. Shi ma batir.

Inna: Da hitar da kake tsomawa a bokiti.

Baba: Wannan 'yar wayar? Ko haske ba ta bayarwa! Abin da ba ya haske, ba ya ƙara, ba ya juyawa, ina zai kai wuta?

Aka ɗauko ta, aka tsoma a ruwa, aka jona. Na'ura ta rubuta 1500 W. Jar fitilar mita ta shiga ƙyafce-ƙyafce kamar an watsa mata ƙasa a ido.

Auta: Duk abin da aikinsa zafi ne, shi ke shan wuta. Ita kaɗai daidai take da ƙwayaye 150. Awa nawa take yi, Baba?

Baba: Minti biyar.

Inna: Da asuba ka jona ta ka koma barci, sai ruwan ya tafasa ka zo kana sirkawa da na sanyi. Da dare ka jona ka tafi hira ƙofar gida. Awa guda-guda, in an yi maka adalci.

Auta: Wat 1,500 sau 2, yunit 3. Baba, lissafi ya cika cif. Ga shi ruwan bokiti minti ashirin ma ya isa ya yi ɗumin wanka.

Baba ya karɓi littafin, ya duba a juye, ya mayar.

Baba: Malamin nan naku, a ina ya yi karatu?

Auta: Baba, ai na'ura ce ta faɗa.

Baba: Kayan aro! Wa ya san hannu nawa ta bi? Maza ka mayar masa. Kuma daga yau kowa ya yi cajin wayarsa a makaranta.

Inna: Ni ma?

Baba: Ke ki miƙo mini bokitina, sanyi ya fara sauka.